Layuka huɗu na haidirojin: inda Bohr ya dace da inda fasalinsa ya gaza

Idan aka zuba iskar haidirojin 'yar kaɗan a cikin siririn bututun gilashi, aka bi ta cikinta da wutar lantarki mai ƙarfi, bututun zai kama haske mai ruwan hoda. A ido, launi ɗaya ne. Amma da zarar an bi da hasken ta 'yar tsaga, sannan ta cikin gilashi mai kusurwa uku wanda ke rarraba launuka, sai a ga abin da ba a zata ba. Maimakon launuka su jeru suna narkewa cikin juna kamar na bakan gizo, sai a ga duhu, kuma a cikin duhun layuka huɗu sirara a tsaye: ja ɗaya, shuɗi mai ratsin kore ɗaya, sai biyu masu launin shunayya, na ƙarshen da ƙyar ido ke kama shi. Tsawon zangonsu a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, shi ne 656 da 486 da 434 da 410. Ko a wane ɗakin gwaji aka yi, lambobin nan ba sa canzawa. Biyun farko ma ana ganinsu a hasken rana, sai dai a can duhu suke fitowa a daidai gurbinsu.

A 1885 wani malamin makarantar 'yan mata a Basel ta ƙasar Suwizalan, Johann Balmer, ya zauna da waɗannan lambobi huɗu da Ångström ya auna, ya gano ƙa'idar lissafi guda da ke fitar da su duka. Bayan 'yan shekaru Rydberg ya faɗaɗa ta. Amma daga Balmer har Rydberg babu wanda ya iya cewa ga dalilin da ya sa ƙa'idar ke aiki. Haka ta zauna kusan shekara talatin, daidai take amma babu bayani.

Matsalar ta ƙara tsanani a 1911, lokacin da Rutherford a Manchester ya nuna cewa kusan duk nauyin atam yana dunƙule a wata 'yar cibiya mai caji, ilektiron kuma yana can waje. Tunanin farko shi ne ilektiron yana kewaya cibiyar. To amma ilimin lantarki da maganaɗisu na Maxwell, wanda masana suka amince da shi ƙwarai, ya ce duk abu mai caji da ke tafiya a da'ira dole ya riƙa fitar da haske. Fitar da haske kuwa asarar kuzari ce. Saboda haka ilektiron zai riƙa matsowa ciki, da'irarsa na ƙanƙancewa, har ya faɗa kan cibiyar. Lissafi ya nuna wannan faɗuwa za ta ɗauki wajen kashi ɗaya cikin biliyan ɗari na sakan. Kuma a kan hanyar faɗuwar, hasken da zai fitar zai ratsa kowane launi ba tsayawa, ba layuka huɗu ba. Ke nan tsarin ya faɗi ta fuska biyu: atam ba ya rushewa, haskensa kuma a yanke yake.

Niels Bohr, matashi ɗan Denmark da ya yi aiki a wurin Rutherford, bai warware wannan saɓani ba. Abin da ya yi a 1913 shi ne ya ƙetare shi da gangan. Ya ce akwai wasu keɓaɓɓun da'irori da ilektiron zai zauna a kansu ba tare da fitar da haske ba, komai abin da Maxwell ya ce. Ya ce haske yana fita ne kawai idan ilektiron ya bar ɗaya ya koma wata, kuma ƙwayar hasken da ke fita, wadda daga baya aka sa wa suna foton, tana ɗauke da daidai bambancin kuzarin da ke tsakanin biyun. Sai sharaɗin da ke zaɓen da'irorin: idan aka ninka nauyin ilektiron da gudunsa da nisansa daga cibiya, wato adadin juyinsa, dole sakamakon ya zama ninki ɗaya ko biyu ko uku na wani ƙayyadadden adadi da ya fito daga lambar Planck, wata ƙanƙanuwar lamba da ke haɗa kuzarin haske da saurin kaɗawarsa, babu rabi babu kwata:

mvr = nh/2π

A nan m nauyi ne, v gudu, r nisa, h kuma lambar Planck. Wannan n ita ce lambar mataki, 1, 2, 3, haka har sama. Da aka haɗa sharaɗin da jan da cibiya ke yi wa ilektiron, sai komai ya fito. Da'irar farko tana da nisan nanomita 0.0529 daga cibiya, ta biyu ninki huɗu na haka, ta uku ninki tara. Kuzarin kowane mataki kuma, a ma'aunin eV, wato kuzarin da ilektiron ke samu idan bolt ɗaya ya tura shi:

E = −13.6 / n²

Alamar ragin nan ita ce ta fi rikita ɗalibai, kuma ba wani abu ba ne illa inda aka zaɓi a fara ƙirga. A ɗauka rijiya ce da maginanta suka sassaƙa guraben taka ƙafa a jikinta. Bakin rijiya shi ne sifiri, wato ilektiron da ya kuɓuta daga atam. Duk wanda ke ciki yana ƙasa da sifiri. Gurbi mafi zurfi yana −13.6, na biyu yana −3.40, na uku −1.51, na huɗu −0.85, na biyar −0.54, na shida −0.38. A lura da yadda tazarar take: daga na farko zuwa na biyu akwai 10.2, kashi uku cikin huɗu na zurfin rijiyar gaba ɗaya, amma can sama guraben sai matsewa suke yi suna cunkushewa kusa da baki. Babu wurin tsayawa a tsakanin gurbi da gurbi.

Yanzu bari mu fitar da jan layin nan da hannunmu. Ilektiron yana mataki na 3, ya sauko na 2. Bambancin shi ne 3.40 a cire 1.51, ya ba da 1.89 eV. Don a mayar da kuzari zuwa tsawon zango akwai gajeriyar hanya, domin lambar Planck sau gudun haske a waɗannan ma'aunai tana ba da kusan 1240. Idan λ tsawon zango ne, ΔE kuma bambancin kuzari:

λ = 1240 / ΔE

1240 a raba da 1.89 ya ba da 656. Ga jan layi. Daga 4 zuwa 2, bambancin 2.55 ne, ya ba da 486. Daga 5 zuwa 2, 2.86, ya ba da 434. Daga 6 zuwa 2, 3.02, ya ba da 410. Duk layukan da ido ke gani saukowa ne zuwa mataki na biyu. Jerin bai tsaya a huɗu ba, ido ne ya gaza. Daga 7 zuwa 2 ana samun 397, sauran kuma suna ta matsewa har su taru a 365, wanda shi ne hasken ilektiron da ya faɗo daga bakin rijiya zuwa gurbi na biyu.

Saukowa zuwa mataki na farko kuwa kowacce ta fi ƙarfin ido. Mafi ƙanƙantarsu, daga 2 zuwa 1, tana da 10.2 eV, wato nanomita 122, can gaba da shunayya. Wannan shi ne jerin Lyman. Saukowa zuwa mataki na uku sun yi rauni, suna can bayan ja, kamar 4 zuwa 3 mai ba da 1875, kuma su ne jerin Paschen. Wannan ma hanya ce ta kama kuskure a lissafi. Idan mutum ya saukar da ilektiron zuwa mataki na 2 ya sami lamba ƙasa da 365 ko sama da 656, to ya sake dubawa. Galibi abin da ya faru shi ne ya raba 1240 da kuzarin mataki ɗaya maimakon bambancin biyun, ko kuma ya haɗa lambobin maimakon ya cire.

Akwai wani abu da fasalin ya bayyana wanda ba a cika tsayawa a kansa ba. Atam ɗin haidirojin mai sanyi ba ya shanye jan haske na 656, duk da cewa shi ke fitar da shi idan an zuga shi. Dalili kuwa, kafin a shanye wannan haske sai an sami ilektiron a mataki na 2 wanda zai hau na 3. A zafin ɗaki, kuzarin da atam ke samu daga karo da 'yan uwansa bai wuce 0.025 eV ba ko kusa da haka, alhali hawa mataki na biyu yana neman 10.2. Kowa yana ƙasa. Sai a jikin tauraro, inda zafi ya kai dubban digiri, ake samun isassu a mataki na biyu. Shi ya sa layukan Balmer suka fi duhu a taurari masu zafin kusan digiri 10,000 irin su Vega, fiye da yadda suke a rana mai kusan 5,800.

Abin da ya sa masana suka ɗauki Bohr da muhimmanci ba fitar da ƙa'idar Balmer ba ne kawai, tunda ya riga ya san amsar da yake nema. Abu biyu ne. Na farko, lambar da ke cikin ƙa'idar Rydberg, wadda a da sai dai a auna ta, shi ya fitar da ita daga nauyin ilektiron da cajinsa da lambar Planck, ta kuma zo kusa ƙwarai da wadda aka auna. Na biyu, wasu layuka da Pickering ya gani a hasken wani tauraro a 1896, wanda Fowler ya sake samun irinsu a ɗakin gwaji a 1912, kowa yana cewa na haidirojin ne. Bohr ya ce a'a, na hiliyom ne da ya rasa ilektiron ɗaya. Cibiyarsa tana da caji biyu, don haka kowane mataki ya ninka zurfi sau huɗu, 54.4 a madadin 13.6. Fowler ya mayar da martani cewa awonsa bai nuna 4 cif ba, 4.0016 ya nuna. Bohr ya koma ya saka abin da ya bari a farko, cewa ita ma cibiyar tana ɗan motsawa, kuma ta hiliyom ta fi ta haidirojin nauyi kusan sau huɗu, don haka motsinta ya fi ƙanƙanta. Lissafi ya ba shi 4.0016. Irin wannan dacewa ba ta zuwa da sa'a. Wannan ɗan gyaran na nauyin cibiya shi ne kuma ya taimaka wa Urey ya gano haidirojin mai nauyi a 1931, domin jan layinsa ya goce daga na talakan haidirojin da kusan nanomita 0.18.

To ina ya gaza? Tun kafin a buga takardar, Rutherford ya sa yatsa a kan raunin. A wasiƙar da ya rubuta wa Bohr a watan Maris na 1913 ya tambaye shi yadda ilektiron ke sanin irin hasken da zai fitar, tunda ga alama sai ya san inda zai tsaya tun kafin ya tashi. Tambayar tana da nauyi idan aka duba lambobi. A mataki na 3, ilektiron na Bohr yana kewaya cibiya kusan sau tiriliyan 244 a sakan, a mataki na 2 kusan sau tiriliyan 822. Jan hasken da ke fita a tsakaninsu yana kaɗawa sau tiriliyan 457. Bai yi daidai da ko ɗaya ba. Wato da'irar da aka zana da kyau ba ita ke haifar da hasken ba, kuma fasalin bai ce komai a kan abin da ke faruwa a lokacin tsallen ba.

Daga nan gazawa ta farko ta fito. Fasalin yana faɗin inda layi zai tsaya, amma ba ya faɗin ƙarfinsa. Me ya sa wani layi ya fi wani haske? Ilektiron da ke mataki na 3, sau nawa zai sauka na 2, sau nawa zai zarce na 1? Zai daɗe nawa kafin ya sauka? Sharuɗɗan nan na 1913 ba su da amsa. Misalin da ya fi ba ni mamaki yana mataki na biyu. A wurin Bohr da'ira ɗaya ce. A haƙiƙa akwai yanayi iri biyu masu kusan kuzari ɗaya, waɗanda ake rubutawa 2p da 2s. Ilektiron da ke 2p yana sauka ƙasa cikin kusan kashi 1.6 cikin biliyan na sakan. Wanda ke 2s kuwa hanyar fitar da foton ɗaya a toshe take gare shi, sai ya zauna kusan kashi ɗaya cikin takwas na sakan, ya fita ta hanyar sakin foton biyu. Bambancin ya doshi ninki miliyan ɗari, a kan abin da fasalin ya ɗauka abu ɗaya ne.

Gazawa ta biyu tana cikin jan layin kansa. Tun 1887 Michelson da Morley suka lura cewa idan aka duba shi da na'ura mai kaifi, ba ɗaya ba ne, aƙalla biyu ne manne da juna, tazararsu ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na nanomita ba. Sommerfeld ya yi ƙoƙarin gyara wannan a 1916, ya mayar da da'irori masu siffar ƙwai, ya saka ƙa'idar Einstein ta abu mai tsananin gudu, tunda ilektiron a matakin farko yana gudun kusan kilomita 2,200 a sakan. Lambobinsa sun dace da awo, amma daga baya aka gane cewa ya rasa wani babban sinadari, wato cewa ilektiron kansa ɗan maganaɗisu ne mai juyi na kansa, abin da Uhlenbeck da Goudsmit suka kawo a 1925. Rashin wannan ne ya sa tsohon tsarin ya kasa bayyana yadda layukan atam da yawa ke rarrabuwa idan aka saka su cikin maganaɗisu.

Amma inda ginin ya rushe sosai shi ne hiliyom cikakke, mai ilektiron biyu kacal, atam na biyu a jerin sinadarai. Awo ya nuna ana buƙatar 24.6 eV a cire ilektiron na farko, sannan 54.4 a cire na biyu, jimla 79.0. Na biyun Bohr ya same shi daidai, domin a lokacin ilektiron ɗaya ya rage. Na farkon fa? Idan aka yi kamar ilektiron biyun ba sa ganin juna, kowanne zai ɗauki 54.4, jimla 108.8, wanda ya yi nisa. Bohr ya san suna tunkuɗe juna, sai ya ɗora su a kan da'ira ɗaya, wannan a gefe wancan a ɗaya gefen. A haka tunkuɗar tana rage jan cibiya daga 2 zuwa 1.75. A ninka 1.75 da kansa, a ninka da 13.6, a sake ninkawa da biyu, a sami 83.3. A cire 54.4, saura 28.9, alhali gaskiyar 24.6 ce. Kuskuren ya haura eV huɗu, a fannin da aka saba dacewa har lamba ta huɗu bayan ɗigo. Kusan shekara goma manyan masana, har da Kramers da Born da Heisenberg, suna jujjuya da'irorin nan biyu ta kowace fuska, babu tsarin da ya ba da amsar da ta dace. Sharaɗin Bohr an yi shi ne don abu ɗaya da ke maimaita hanya ɗaya. Da zarar jiki uku suna jan juna da tunkuɗe juna, babu tsayayyiyar da'irar da za a ɗora sharaɗin a kanta.

A ganina, abin da ya fi cancanta ɗalibi ya sani shi ne cewa ko a haidirojin ɗin, inda lambobi suka dace, hoton ba daidai ba ne. Bohr ya ce adadin juyin ilektiron a matakin farko h/2π ne. Lissafin Schrödinger na 1926, wanda gwaji ya tabbatar, ya ce sifiri ne. Abin da ba shi da juyi kuwa ba ya kewaya komai. Bohr ya ba da atam shimfiɗaɗɗe kamar faifai, alhali a matakinsa na ƙasa ta kowace fuska iri ɗaya yake. A sabon lissafin ilektiron ba shi da hanya, sai dai yiwuwar a same shi nan ko can. Kuma ƙa'idar Heisenberg ta 1927 ta nuna dalili: ba zai yiwu a san nisan ilektiron daga cibiya cif, a kuma san cewa ba ya matsowa ko ja da baya ko kaɗan ba, alhali da'irar Bohr tana neman biyun a lokaci guda. Lambar nan 0.0529 ba ta ɓace ba, ma'anarta ce ta sauya. Yanzu ita ce nisan da aka fi yiwuwar samun ilektiron a matakin farko, amma ana samunsa kusa da haka, ana samunsa nesa.

Wannan ya sa nake ganin ba daidai ba ne a koyar da zanen da'irori a bar yaro da shi kamar hoton atam ne na gaske, kuma ba daidai ba ne a ce masa fasalin Bohr tarkace ne. Lissafin Schrödinger ya sake fitar da −13.6/n² ɗin nan ba tare da an cusa wani sharaɗi da hannu ba. Matakan kuzari gaskiya ne, kuma Franck da Hertz sun gan su ta wata hanya dabam a 1914, inda atam ɗin makuri, wato zaiba, ya ƙi karɓar kuzari daga ilektiron da ke dukansa sai da ya kai 4.9 eV. Cewa haske bambancin mataki biyu ne, shi ma gaskiya ne ga kowane atam. Wanda ke da ilektiron ɗaya a gabansa, ko haidirojin ne, ko hiliyom da ya rasa ɗaya, ko litiyom da ya rasa biyu, kuma wurin layi kawai yake nema, to ya ninka 13.6 da cajin cibiya sau kansa ya yi lissafinsa da kwanciyar hankali. Idan tambayar ta shafi ƙarfin layi, ko rabuwarsa, ko maganaɗisu, ko yadda atam biyu ke haɗuwa, ko kuma ilektiron ya kai biyu, to ya fita daga hurumin Bohr.

Hiliyom ɗin da ya gagari tsohon tsari bai daɗe ba a hannun sabon. A 1929 Egil Hylleraas, ɗan Norway, ya ɗauki lissafin Schrödinger, ya saka nisan da ke tsakanin ilektiron biyun kai tsaye a cikinsa, ya yi ta aiki da injin lissafi na tebur, ya fitar da kuzarin cire ilektiron na farko. Amsarsa ta zo 24.6, bambancinta da awo bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na eV ba.